Sunan da Yelwa Ta Ƙi Faɗa

Duk wanda ya yi wata makarantar kwana ta 'yan mata a Azare wajen 1989 ya san muryar Yelwa kafin ya san fuskarta. Ita ce mai shara, mutuniyar Udubo, Bafulatana da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Da safe tsintsiya na tafiya, baki na tafiya: "Ɗaga ƙafa, 'yar nan, ba gidan ubanki ba ne."

A shekarar aka ce duk ƙaramin ma'aikacin da bai iya gabatar da kansa da Turanci ba, za a sallame shi. Me ya haɗa tsintsiya da Turanci, ba wanda ya yi bayani. Aka buɗe ajin yamma, aka ba Malama Lois, 'yar kudancin Bauchi, ta koyar da su. Ta rubuta jawabin a allo: gaisuwa, suna, gari, aiki, sunayen 'ya'ya, godiya.

"Ku tsaya tsaye, ku dubi mutane, ku yi a hankali," in ji ta. "Ko kun yi kuskure, ku wuce."

Yelwa ta kama abin da gaske. Tana shara tana cewa, "Gud ibinin, mai nem is Yelwa." Kande mai dafa abinci takan leƙo daga madafa. "Baturiyar Udubo, a zuba miki shayi ne?"

"Zuba wa kanki, da hancinki kamar murfin tukunya."

Wuri ɗaya ta cije. Ta sami Malama bayan aji ta ce, "Malama, a sunayen 'ya'yan nan, na biyun da autan zan faɗa. Babban kam a'a."

"Ya yi miki laifi ne, Inna?"

"Ɗan fari ne. Tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunansa ba. Ko a ɗaka, balle gaban mutane."

Lois ta san al'adar, mantawa ta yi lokacin da take rubutu. Ta ba da haƙuri, ta sauya mata layin: ta ce tana da 'ya'ya uku, babban direba ne. Jimla ce ma da ta fi ta allo wuya, Yelwa ta haddace ta tsaf.

Ranar gabatarwa aka turo jami'i, Malam Jumare, da babbar riga da jan biro. Yelwa ta miƙe. Ta gaishe su, ta faɗi sunanta da garinsu da aikinta, ta ce 'ya'yanta uku, babban direba ne, ta yi godiya. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Har an fara tafi.

"Sunayensu fa?" in ji Malam Jumare.

Lois ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na sauya mata. Ɗan fari ne."

"Abin da ke allo za a faɗa. Baba, me sunan babban?"

Yelwa ta sunkuyar da kai. Ya juya zuwa Fulatanci, ya sake tambaya yana murmushi, yana duban aji ko za a taya shi dariya. Ni da na gani da idona, wannan ne abin da har yau ke ci mini rai. Da baƙo ne, sai a ce bai sani ba. Mutumin nan ya sani sarai. So yake ya ga dattijuwa ta keta kunyarta a gabansa don ta tsira da tsintsiya.

Kande ce ta kasa haƙuri. "Ranka ya daɗe, kai ma Jumaren nan ai ba shi aka raɗa maka ba. Innarka ce ta ƙi kama na yankan."

Murmushin Malam Jumare ya ɗauke. Ya ce, "Na ba ki dama ta ƙarshe, Baba."

Yelwa ta ɗago. "Yallaɓai, an ce in faɗi ko ni wace ce, na faɗa. Wannan da ya rage, in na faɗa, ba ni ba ce kuma." Ta ɗauki mayafinta, ta duba Lois ta ce, "Tank yu, Malama," ta fita.

Ya rubuta cewa ba ta kammala ba. Lois ta bi shi har mota tana roƙo, ya ɗaga gilashi. Ƙarshen wata aka sallami Yelwa. Wani ɗan ajin da ya tsaya yana inda-inda har sai da aka karanta masa layi-layi, shi ya ci, domin ya faɗi sunayen 'ya'yansa duka.

Ta koma suyar ƙosai a bakin tasha, inda ɗan nata ke lodi zuwa Bulkachuwa. In ta ga baƙo da jaka, takan yi masa jawabin nan daga farko har ƙarshe, tana juya ƙosai. In kuma tana son kiran ɗan, sai ta ɗaga murya ta ce, "Kai, wannan, zo ka ci."