Kwamfutar Ɗakin Awo

Lokacin da nake horon aiki a sashen kwamfuta na wata masana'antar fata a Challawa, kullum sai shafin dattijon da ke riƙe da sito ya kulle a kwamfuta. In ya kulle, ba a fitar da maganin jima, aiki ya tsaya. Manaja ya ce tsufa ne ke sa shi manta kalmar sirri, gara a sauya shi.

Ogana ya turo mini hoton allon rajistar tsaro, ya ce in duba masa. Na bi layi-layi. Duk yunƙurin shigar da aka ƙi da sunan dattijon ne, daga adireshin kwamfuta ɗaya na cikin masana'anta, tazararsu daidai, har da lokacin sallar Juma'a, sanda yake masallaci.

Na ce, "Oga, mutum ba ya kuskure a kan agogo haka."

Muka bi adireshin, ya kai mu kwamfutar ɗakin awo. Tana riƙe da tsohuwar kalmar sirrinsa da ya riga ya sauya, tana ta gwadawa da kanta har shafin ya kulle.

Da muka gaya wa dattijon, sai ya ce, "Yaro, wallahi ni ma har na fara yarda da manaja."