Mahadi Mai Taki da Buhu Goman Nahuce

Idan ka sauka daga mota a Tsafe ka tambayi shagon Mahadi mai taki, ba wanda zai wahalar da yatsansa wajen nuna maka. Cewa za a yi ka bi murya. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ya ba arba'in baya, kuma tun yana saurayi ya yanke wa kansa hukuncin cewa duk wanda ya fi ɗaga murya shi ne mai gaskiya. Da wannan ilimi ya yi aure, da shi ya buɗe shago, da shi yake sayar wa manoman Bilbis taki da maganin ciyawa. Alƙalami kuwa yana da guda a aljihun gaba, amma aikinsa sosa kunne.

Hajarsa daga Gusau take zuwa, daga siton wani Alhaji da ke ba shi kaya kafin damina, ya riƙa biya sannu a hankali. Wannan amana ita ce jarinsa duka. In babu ita, shagon nasa ɗaki ne kawai mai warin taki. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, manoma sun fara leƙowa, sai saƙo ya shigo wayarsa daga Malam Nura, akawun siton: akwai ragowar bashin bara, naira miliyan ɗaya da dubu hamsin, kuma ba buhun da zai fita da sunansa sai an biya.

Washegari Mahadi ya dira Gusau da leda baƙa cike da takardu. Ya zazzage ta a kan teburin akawu. A ciki akwai rasit na taki, da na cajin waya, da katin asibitin yaro, da takardar gayyatar ɗaurin aure. Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin mahaifinsa, ya ce ko sisi ba a bin shi.

Malam Nura bai ko ɗaga kai sosai ba. Ya ce, "Malam Mahadi, wace rana kab biya?"

"Bara."

"Bara wata goma sha biyu ce. Wane wata?"

"Ana cikin ruwa dai. Na kira Alhaji da bakina nic ce na turo, yac ce madalla."

"Alhaji ko gaisuwa kay yi mai madalla zai ce. Ga takardar asusunka, abin da muka gani ke nan. In akwai wanda ba mu gani ba, kawo rana da shaida."

Ya miƙa masa takarda guda, ya tura masa tarkacensa gefe da bayan hannu, kamar mai share ɓawon gyaɗa.

Maimakon ya koma Tsafe a yi masa dariya, sai ya hau motar Bungudu, gidan yayarsa Saude. Ita ce ta goye shi yana jariri, saboda haka ita kaɗai ce a duniya muryarsa ba ta razana. Ta yi shekaru tana aiki a ɗakin kati na asibiti kafin ta yi ritaya, kuma har yau ko tukwanenta a jere suke, babba kafin ƙarama. Ya zauna a tabarma ya fara zagin mutanen Gusau. Ta bar shi ya yi har ya gaji, tana tsince wake.

"Ka gama?" in ji ta. "To miƙo ledar. Wagga shara kak kai ma mutane? Ni ma da korar ka zan yi."

Ta yago takarda daga tsakiyar littafin jikarta, ta ja layuka daga sama zuwa ƙasa, ta raba ta gida huɗu: rana, abin da ya faru, kuɗi, shaida. Ta ce kowane abu layinsa daban, a fara da mafi tsufa, kuma abin da ba shi da rana da shaida ba zai hau takardarta ba, ko da Mahadi zai rantse har magariba.

Na farko bai ba da wahala ba. Saƙonsa na neman buhu arba'in na takin yuriya yana nan a waya, shida ga Mayu, ga takardar direban da ya kawo kayan, kowane buhu naira dubu talatin da biyar, jimla miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Saude ta rubuta lamba ɗaya a kan takardar direban, ta rubuta ɗaya a gidan shaida. Na biyu ma haka: dubu ɗari bakwai da ya tura daga asusunsa na banki ranar ashirin ga Mayu, ga saƙon banki, kuma takardar Malam Nura ta nuna sun gani.

"Saura dubu ɗari bakwai," ta ce. "Ina suke?"

Mahadi ya zaro wata 'yar takarda da alfahari. Rasit ɗin na'urar POS ne, irin mai santsin nan. Ya kwana a aljihu, ya sha zufa da zafin shago shekara guda, ya koma fari fat. Saude ta ɗaga shi sama, ta juya bayansa.

"Mi aka rubuta nan, Mahadi? Ko sai an shafa mai toka?"

"Wallahi Yaya da rubutu a jiki."

"Da ni ma da haƙora talatin da biyu."

Da tambaya da tsawa ta tatso labarin. Ranar ya tara kuɗin manoma a hannu, ya ga zuwa banki wahala ne, sai ya tsallaka titi ya ba Bashar mai POS, shi kuma ya tura wa Alhaji. Saude ta ajiye alƙalami ta dube shi. Ta ce to ai kuɗin da sunan Bashar suka shiga, ba da sunan Mahadi ba, kuma mutanen sito ba bokaye ba ne da za su san na wane ne. Bashar zai iya nemo shi a tarihin na'urarsa, amma mutumin da ke tura kuɗi sau ɗari a yini ba zai tona shekara guda don kyawun fuskar Mahadi ba. Sai an ba shi rana.

Rana kuwa Mahadi bai san ta ba. Abin da ya sani shi ne ranar ce aka yi sunan jaririyar ƙanwarsu Wasila, don ya tuna daga wurin Bashar ya wuce ya ci naman suna har ya yi ɓari a riga. Saude ta buɗe wayarta ta gangara cikin hotuna, sai ga shi: Mahadi da ƙashi a hannu, maiƙo a gaban riga, tara ga Yuni.

"Ka ga amfanin ciki," ta ce. "Abin da kai ya kasa riƙewa, shi ya riƙe."

Aka kira Bashar. Ya yi gunaguni, amma da aka ba shi rana da adadi, kafin la'asar ya turo hoton shaidar: dubu ɗari bakwai, sunan asusun siton, lokaci, da doguwar lambar tiransifa. Saude ta kwafe lambar ba ta tsallake ko ɗaya ba, ta sa mata lamba uku. Mahadi ya miƙe yana gyara hula, ya ce gobe sai Nura ya san da wa yake yi.

"Zauna. Sun ce miliyan da hamsin. Mun gano ɗari bakwai. Ina ɗari uku da hamsin?"

"Ƙarya ce suka ƙara."

Takardar Malam Nura ta nuna buhu goma ranar ashirin da huɗu ga Yuni. Saude ta karɓi wayar Mahadi ta koma wannan rana a hirarsa da akawu. Babu rubutu, sai saƙon murya guda. Ta danna. Muryar da duk Tsafe ta sani ta cika tsakar gidan, da hayaniyar mutane a bayanta: "Nura, a kai ma surukina Malam Bello buhu goma Nahuce yau ɗin nan. A rubuta a kaina. Mu ba mu ƙirga irin wagga."

Mahadi ya tuna sarai. A gaban surukin da mutanen gari ya yi wannan saƙo, a wurin wata gaisuwa, don a san 'yarsu ba ta auri ƙaramin mutum ba. Kayan ba su bi ta shagonsa ba, shi ya sa babu takardarsu a leda, shi kuma ya manta da su tun kafin ya hau babur.

Ya rage murya, abin da ba a saba ji ba. "Yaya, wanga layi a bar shi mana. Mu dai mu kai ukun."

"Saƙon da kat tura, wayarka kaɗai ya zauna? Shina wayar Nura. Ka kai takarda da rami, ya cike maka shi a gaban yaran sito, sannan ya ce sauran ma a sake dubawa. Ka rubuta da hannunka ya fi."

Ta sa shi ya rubuta layi na huɗu da alƙalamin sosa kunne. A saman takardar ta sa jimla biyu kacal: ana roƙon a duba dubu ɗari bakwai da suka shiga da sunan Bashar ranar tara ga Yuni a mayar da su asusun Mahadi, kuma Mahadi ya amince da ragowar dubu ɗari uku da hamsin. Ya so a ƙara cewa an ci mutuncinsa. Ta ce babu gidan mutunci a takardar. Ta aike shi shagon hoto ya buga komai kwafi biyu, na asali su zauna wurinta, tunda an ga yadda yake ajiya.

A Gusau, Malam Nura ya karanta daga sama zuwa ƙasa, ya buɗe bayanan banki na watan Yuni, ya bi lambar da yatsa. Kuɗin suna nan, a jerin waɗanda aka rasa mai su tun bara. Shayin da aka kawo masa bai huce ba ya gyara asusun, ya sa hannu da kwanan wata a kwafin Mahadi. Sai ya dubi layi na huɗu ya yi murmushi.

"Ashe ka tuna da Nahuce. Na riga na ajiye muryar, ina jiran ka musa in kunna ma Alhaji."

Mahadi ya ce shi ai bai taɓa mantawa ba.

Alhaji ya yarda a saki kayan bana idan an biya ragowar. Zuwa Nahuce neman kuɗi wurin surukin da aka yi wa burga ba ya cikin abin da Mahadi zai iya, don haka ya sayar da bijimin da yake kiwo, ya biya, ya ɗauki hoton rasit tun da ɗuminsa ya tura wa Nura da Saude. Mota ta sauke taki a ƙofar shagonsa ruwan farko na sauka.

Yanzu in ka zauna a bencinsa zai ba ka labarin yadda ya je Gusau ya tsare akawu da hujja har ya kasa magana. Yakan zaro takardar ya nuna, babban yatsansa a kan layi na huɗu. Saude kuwa, da aka kai mata labarin, cewa ta yi a gaya masa ya riƙa sauya yatsa, kada wannan layin ma ya goge.