Zanen Kawu Goma Sha Biyu a Gozaki

Mun tashi daga Funtua ana idar da sallar asuba, ni da wata Hajiya mai gidan baje kolin zane a Abuja, da wani malami mai sharhin zane a jarida. Gozaki muka nufa, wurin kawuna, tsohon mai zanen jikin manyan motoci wanda ya koma zana manoman auduga a kan katako.

Dalilin tafiyar kuwa, wani zanensa da ya sayar shekarun baya a kuɗin buhun taki biyu, mai shi ya kai gwanjo a Legas, masu kuɗi biyu suka yi ta ƙari har ya kai miliyoyi. Kawu ko sisi bai samu ba, sai suna.

A Malumfashi muka sha koko da ƙosan da ya tsuke kamar goro, kuɗinsa kuma ya ninka. Daga Kafur ramuka suka karɓe mu, Hajiya na bayani kanta na bugun rufin mota. Ta ce farashin gwanjo shi kowa ke dubawa. Ita za ta riƙa fitar da zanen Kawu huɗu kacal a shekara, ta zaɓi masu saye waɗanda ba za su yi saurin sayarwa ba, ta ɗauki rabin kuɗin. Shi kuma malamin zai rubuta sharhi, don masu tara zane su san inda za su ajiye Kawu a tarihi.

Muka tarar da Kawu cikin fara'a. Ashe da ya ji labarin Legas, sai ya sake zana wancan zanen har sau goma sha biyu, wani dillali ya kwashe duka a araha. Hajiya ta zauna a ƙasa. Ta ce in suka fita kasuwa a tare, wanda ya sayi na farko zai ga an cuce shi. In kuma aka sa ɗaya a gwanjo bai kai mafi ƙarancin farashin da aka yanka ba, kowa zai ji, a yi shekaru ba mai taɓa aikin Kawu. Malamin ya rufe littafinsa, ya ce ba ya sharhi a kan kwafi.

Kawu ya dube ni. "Ɗana, masara in ta yi kuɗi ƙara shukawa ake. Laifina ke nan?"

Takaici ya cika ni, ban ma san da wa nake fushi ba.

Tsofaffin zane biyar muka samu a zaure, malamin ya yarda da uku. Sauran aikin a kaina ya faɗa: in nemo dillalin, Hajiya ta saye kwafin ta ɓoye.

La'asar sakaliya muka shigo Funtua. Na fahimci hannu ɗaya ke zane, amma baki uku ke yanka masa daraja, na masu gwanjo da na mai gidan baje koli da na mai sharhi, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da Kawu ya gaya masa hakan. Dillalin har yau wayarsa a kashe take.