Gabatar da Inna a Rediyo

Da aka gayyaci Inna gidan rediyo ta yi magana a kan yaƙi da jahilci, cewa ta yi ba za ta ba. Tun da ta yi ritaya, Baba kuma ya rasu, ta koma zaman ɗaki, ko suna sai an ja ta. Shirin irin wanda masu sauraro ke bugo waya ne, kuma abin da ke cin ta ke nan: ta je ta zauna, a buɗe layi, a ji tsit. A cewarta matan da ta koyar a Tirwun da barikin Shadawanka duk sun watse, wa zai tuna da tsohuwa? Da ƙyar na shawo kanta. Na yi mata alkawarin za a kira, alhali ni kaina ban san ta ina ba.

Mai gabatar da shirin ya ce a rubuto masa ɗan bayaninta da zai karanta kafin su fara hira, kada ya wuce rabin minti. Yayana, ma'aikacin sakatariya, ya riga ni. Sai ga shi da takarda cike fal: Hajiya wance, matar marigayi wane, duk kwas ɗin da ta je, matakin da ta kai a aiki, da guntayen haruffan Turanci jere a bayan sunanta. Na ce ya karanta da ƙarfi mu ji. Bai kai rabi ba numfashi ya ƙare masa, ni ko na tuntsire da dariya, don ban iya ɓoye mugunta ba.

Amma ba tsawon ne ya fi damuna ba. Matan nan ko ɗaya ba ta san sunan Inna na takarda ba. Malama suke ce mata, shi ke nan. A rediyo kuwa ba a ganin fuska. In aka karanta na Yaya, ɗalibarta za ta iya jin sa tana tankaɗe ta ɗauka wata matar manya ce.

Na zauna na rubuta nawa. Na sa abin da za su gane ta da shi: malamar da ke zuwa bayan azahar da shuɗiyar lema, allinta a gwangwanin madara, wadda ke karɓar goyon ɗaliba ta riƙe don uwar ta samu hannun rubutu. Yaya ya hau sama, wai na zubar wa gida da mutunci, a kai uwarmu rediyo da gwangwani. Na ce, "Yaya, ba neman aiki za ta ba. So nake matan nan su ajiye muciya su matso kusa da rediyo." Muka yi ta yi, ba wanda ya rage wa wani. Na dai bar masa kalmar "Hajiya" a ciki.

Na yi ta karantawa a kicin ina ɗauka a waya ina saurare. Inda harshena ya sarƙe na sauya kalma, inda numfashi ya tsaya na sa aya. Bakin mai gabatarwa zai faɗa, don haka "ita" na rubuta, ba "ni" ba. Sunanta na ajiye a ƙarshe, sai an gama gane ta sannan a ji shi. Da na karanta mata don ta tabbatar ba ƙari, ta ce in cire "gwarzuwa", kunya take ji. Na cire.

Ranar shirin aka zaunar da ni bayan gilashi, kusa da mai kula da na'ura. Mai gabatarwa ya karanta shi tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Suka yi hira, muryar Inna can ƙasa-ƙasa. Sai ya faɗi lamba, ya buɗe layi.

Ai kuwa bai rufe baki ba waya ta ɗau ƙara. Wata daga unguwar Muda Lawal, ta ce lemar ta ji ta gane. Wata matar soja mai Hausa a karye, tana dariya tana kuka. Kira na katsewa wani na shigowa. Inna ta gyara zama, murya ta buɗe, har tana tambayar wata ina yaron nan mai cin alli. Ni kam daɗi ya kashe ni, na tura wa Yaya saƙo na ce ya ƙara murya.

Lokaci ya kusa ƙarewa wata dattijuwa ta samu shiga daga Tirwun. Mai gabatarwa ya tambaye ta saƙonta, ta ce ba shi da yawa.

"Malama, da ya faɗi lambar nan ba kowa a gidan. Ni na ɗauki biro na rubuta ta da hannuna."

Inna ta sa gefen mayafi tana share ido. Sai mai gabatarwa ya sa taken shirin.