Ranar da Aka Matsi Yabo Daga Bakin Malam Nababa

Da sunan Allah nake buɗe baki, salati ga Manzo. Furera ce, 'yar marigayi Malam Nababa mai injin niƙa, ta ce duk wanda ya san ubanta ya faɗi abin da ya sani a rubuta saboda jikoki. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana sa wa a takarda. In na yi ƙari Allah ya yafe mini.

Nababa mutumin ƙauyenmu ne, gabas da Ɗanbatta. Ya fara da jakai, yana kai itace birni ya dawo da taki. Da jakan suka tsufa ya sayar, ya haɗa da gyaɗar shekara biyu ya sayi injin niƙa, na farko a duk karkararmu. Gajere ne, mai rowar magana, ba ya wasa da jam'i. Amma abin da kowa ya san shi da shi, bai taɓa yabon abin da yake nasa ba. Tsoron baki yake kamar mutuwa. Ka ce masa, Malam geron nan ya yi kyau, sai ya ce, ina fa, duk tsutsa ce a ciki. Sansa na noma mai ƙiba har tafiya na ba shi wuya, sunan da ya sa masa Ramamme. Ran sunan ita Furerar, mata na cewa tubarkalla, shi yana zaure yana gaya wa maza wai yarinyar ba ta da hanci.

Ɗana Ɗanliti shi ke juya masa injin tun yana saurayi. Shekara da shekaru, ko sannu bai taɓa samu ba. Kullum sai "Kai malalaci", "Kai ci-ma-zaune". In baƙo ya zo ya ce yaron nan yana da ƙoƙari, sai Nababa ya yi tsaki.

"Wannan? Don uwarsa nake riƙe da shi, sadaka ce."

Dalili biyu ne. Ɗaya bakin mutane. Na biyu Dallatu, wanda ya kafa nasa injin a tsallaken kwari, kullum yana canza ma'aikata don ba ya samun na kirki. Nababa yana tsoron in Dallatu ya ji labari zai ɗauke masa yaro.

To sai shekarar farin nan ta zo, zamanin soja, lokacin da ake bin layin sabulu. Hatsi ya yi wuya, mace sai ta kawo niƙan da bai cika tafi biyu ba ta tsaya tana gadinsa da ido. Niƙa ya yi ƙaranci, masu inji suka fara ƙwacen mata masu kawo niƙa. Rannan Dallatu ya tako har rumfar Nababa, ya tsaya gaban mata ya ce su daina kawo hatsinsu nan, wai mai juya injin yana rage musu gari yana kai wa tsohuwarsa. Tsohuwar ni ce. Ɗanliti ya bar injin ya taso. Ya ɗauki bokitin markaɗen waken wata mai ƙosai, da attaruhu a ciki, ya kifa wa Dallatu a ka. Da ya tsaya nan da sauƙi, amma sai ya bi shi da gindin bokitin a goshi. Sai da aka yi ɗinki a asibiti.

Mai unguwa ya nemi a yi sulhu, Dallatu ya ce sai kotu. Aka kai su gaban alƙali a Ɗanbatta. Aka karanta wa Ɗanliti laifinsa, ya ce ya aikata. Alƙali ya ce to ya kama shi da laifi, amma hukunci sai wani mako, ya bar shi a hannun mai unguwa a kan beli. Magatakardan kotu ya ja mu gefe ya ce laifin na iya zama gidan yari, yana iya zama tara. Tun da wannan ne na farko, in ubangidansa ya ba da shaidar halinsa a rubuce, alƙali zai duba.

Ni abin da ke raina, hadari ya fara haɗuwa. Mijina ya rasu, Ɗanliti kaɗai ke mini noma. Irin da na ɓoye a tulu, ina kwana da yunwa ban taɓa ba, in aka rufe yaron ko na wata biyu ne shuka ta wuce mu, kuma shekara ta biyu ke nan ba girbi.

Na yafa mayafi na je zauren Nababa na durƙusa.

"Malam, takarda ake so, ka ce yaron nan mutumin kirki ne."

Ya waiga dama da hagu. "Hure, rage murya. A ina za a karanta ta?"

"A kotu mana."

"A gaban mutane?"

"To a gaban aljanu za a karanta?"

Ya ce zai yi abin da ya sawwaƙa. Ya je wajen mai rubuta wasiƙa da ke zama gindin darbejiya a ƙofar kotu. Daga baya mutumin ya ba ni labari, wai duk kalma mai daɗi da ya rubuta sai Nababa ya ce a kashe ta. Ya sa "mai gaskiya", Nababa ya ce cire. Ya sa "mai himma", ya ce kana so ka kashe shi ne?

Ranar hukunci na zauna a bencin baya ina jan carbi. Dallatu yana gaba da farin bandeji kamar rabin rawani. Alƙali ya tambayi ɗan sanda mai gabatar da ƙara ko an taɓa kama wannan da wani laifi, ya ce babu a rubuce. Ya tambayi Ɗanliti ko yana da abin faɗa kafin a yanke, ya ce a yi masa sassauci, yana da tsohuwa, ga kuma takardar ubangidansa. Magatakarda ya buɗe ya karanta da ƙarfi:

"Ni Nababa mai inji, na san wannan yaro. Yana zuwa aiki. Ba shi da wani abin a-zo-a-gani. Yana da ci. Ban ce yana da kyau ba, ban ce ba shi da shi ba. Wassalam."

Kotu ta ɗauki dariya. Ni kuwa carbin ya faɗi daga hannuna. Alƙali, wani dattijo mai tabarau, ya ce, "Wannan shaida ce ko cinikin jaki? Mai takardar yana nan?"

Nababa ya miƙe a hankali. Alƙali ya ce tun da takardar ba ta ce komai ba, wanda ake tuhuma yana da damar kiran mai shaidar halinsa, in yana so ubangidan ya faɗa da bakinsa. Ɗanliti ya ce yana so, amma muryarsa kamar wanda aka ce ya zaɓi bulalar da za a dake shi. Aka tambayi Nababa ko yana da alwala, ya ce yana da ita. Aka miƙo Alƙur'ani ya dafa ya rantse zai faɗi gaskiya. Na ga gumi ya karyo masa tun daga ƙarƙashin hula.

"Allah ya gafarta Malam, ina da roƙo. A fitar da wancan mai bandejin."

"Shi ne aka yi wa rauni. Ba inda za shi."

"To in matso in raɗa maka a kunne."

"Kotu ba ta karɓar raɗa. Abin da ka faɗa sai an rubuta."

"To a toshe masa kunne da auduga, ai yana da saura a goshi."

Alƙali ya buga tebur. "Malam, ka dafa Littafi. Yaron nan ya taɓa yi maka sata?"

Nababa ya dubi Dallatu, ya dubi Alƙur'anin. "Bai taɓa ba." Ya yi tofi a kafaɗarsa ta hagu.

"Malalaci ne?"

"A'a." Ya sake tofi. Ɗan sandan da ke kusa da shi ya matsa.

"Ya taɓa dukan wani kafin wannan?"

"Ko akuyar da ke sa baki a gari lallashinta yake."

"To me ya sa ba ka rubuta haka ba?"

Nan fa abin ya ɓalle, kamar an fasa tulu. Nababa ya ce, "Don tun da nake ban ga irinsa ba! Shi ke buɗe rumfa kafin in fito daga masallaci. Injin nan da kunne yake sanin ciwonsa, bakanike bai taɓa cin sisina ba. Garin da ya zuba a ƙasa sharewa yake ya mayar wa mai shi. Makullin ɗakin mai a wuyansa yake kwana. In ya tafi, ni da injin gara a haɗa mu a sayar. Shi ke nan, na faɗa, kun kashe shi, Allah ya isa tsakanina da duk mai mugun baki a ɗakin nan!"

Ya zauna daɓas a ƙasa yana karanta Falaƙi da Nasi yana tofa wa Ɗanliti daga nesa.

Duk wannan Dallatu ya miƙa wuya yana saurare, bakinsa a buɗe. Sai ya ɗaga hannu.

"Allah ya gafarta Malam, da kunne ya ce yake sanin ciwon inji?"

"Haka ya ce."

"To ni na yafe. Kada a rufe shi. Dama goshin nawa ne ya yi saurin fashewa."

Nababa ya zabura. "Kun gani ko! Kun ga abin da nake gudu! Ranka ya daɗe, kada ka karɓi yafiyarsa, ta mugunta ce!"

Sai da ɗan sanda ya zaunar da shi. Alƙali ya cire tabarau ya goge ido, ya yi rubutu mai tsawo. Sannan ya ce laifi dai an yi, kuma bokiti ba shi ne maganin ƙazafi ba. Amma ya duba cewa wannan ne na farko, yaron bai wahalar da kotu ba, an tsokane shi, mai rauni ya yafe, ga kuma shaidar ubangida wadda a ganinsa ba a taɓa fitar da gaskiya da wuya irin haka ba. Ya yanke tara, in ba a biya ba wata ɗaya a gidan yari, da kuɗin maganin Dallatu.

A wajen biya aka kusa sabon faɗa, don Dallatu ya zaro kuɗi zai biya tarar, Nababa ya riƙe masa hannu yana cewa yaronsa ne, ba mai biya sai shi. Magatakarda ya karɓi na Nababa ya ba da rasit.

Muka kamo hanyar gida a ƙasa, ni da Ɗanliti, hadari ya yi baƙi a gabas. Muka wuce kasuwar shanu. Can sai na ji yana jan hanci. Ƙaton mutum da gemu.

"Inna, ashe ina da amfani?"

Na ce, "Rufe mini baki, mutane na ji. Ɗaga ƙafa, ka gyara sungumi kafin ruwan nan ya sauko."

Washegari muka yi shuka, ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu. Allah ya ji ƙan Malam Nababa, ya sa shaidar da ya bayar rannan ta tsaya masa a inda ba a karɓar raɗa.