Wasiƙar Kawu Zuwa Ga Dilan Mota

Shekara ta biyu ke nan ina buga takardu a wani ɗan shago kusa da tashar mota a Gusau lokacin da Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya shigo da wata takarda a ninke cikin hularsa. A Bungudu yake zaune, gonarsa tana wajen Kekun Waje, amma tasi ce sana'arsa. Motoci biyu gare shi a hanyar Gusau zuwa Tsafe, ya kuma ƙaro ta uku a watan, wata ƙarama mai ruwan toka da aka shigo da ita daga Amurka bayan an more ta a can. Yana so ya keɓe ta don masu ɗaukar shata.

A wajen wani Alhaji ya saye ta, mai filin motoci a bakin hanyar fita gari. Kowa dila yake ce masa. Mutum ne mai babbar riga a ranar zafi da wayoyi uku a hannu guda, wanda ba ya iya faɗin kalma biyar bai sako ta Turanci ba, ita ma a karye. Ranar ciniki ya tsaya gaban allon da ke jikin motar yana dangwala shi da yatsa, ya ce wa Kawu daga gado zai riƙa ganin inda motarsa take a waya, zai iya tayar da ita daga nesa, ƙofofi za su kulle kansu da an tashi, taswira kuwa har lungun unguwarsu za ta nuna.

"Komi na ciki, Malam," in ji shi. "Afdet kawai za a yi, sai aktibeshin." Nufinsa a sabunta manhajar allon, a kunna abubuwan.

Sati uku babu ko ɗaya da ya yi aiki. Taswira tana nuna motar a wani gari mai teku, rediyo yana tsallake wasu tashoshi, ƙofa kuwa sai an bi ta da hannu. Wata rana a hanyar Tsafe wata fasinja ta jingina da ƙofa, gyalenta ya kama mariƙin, ƙofar ta buɗe ana cikin tafiya. Allah ya kiyaye, direban ba gudu yake ba.

Kawu ya yi aikin sito a ƙaramar hukuma kafin ya ajiye, don haka bai yarda da maganar baki ba. Ya zauna a bencina ya ce, "Ɗiyata, buga mini wagga takarda da Hausa. Kar ki ƙawata ta. Tambaya nika yi."

Har yanzu tana cikin kwamfutata. Bayan sallama da lambar shasin motar, ya rubuta: "Ina neman sanin wace manhaja ce a kan allon motar yanzu, ko akwai sabuwa, kuma wa zai saka ta, ku ko wakilin kamfanin da ya ƙera ta. Abin nan na ganin mota a waya, yana aiki a ƙasar nan ko kuwa sai a can inda ta fito? An cire sunan mai ita na farko daga cikinsa? Kulle ƙofa da kanta, yana cikin motar an kashe shi ne, ko babu shi sam? Idan aka taɓa allon ya lalace, wa zai ɗauki nauyi? Ina roƙon amsa a rubuce."

Na buga kwafi biyu. Da yake a kan hanyata ta gida filin yake, ni na kai bayan la'asar. Na tarar da Alhaji a kujerar roba ƙarƙashin rumfa, da 'yan zaman fada kewaye da shi. Ya riƙe takardar da yatsa biyu kamar an miƙa masa tsumma, ya karanta layin farko, ya kwashe da dariya.

"Ku ji fa! Ɗan tasi na rubuta mini wasiƙa. Ni gwamnati ne?"

Suka taya shi dariya, don aikinsu ke nan. Na ce ya sa hannu a kwafin Kawu a san ya karɓa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ja wani layi a gefen takardar, ya ce, "Hajiya, waɗannan abubuwan ilimi ne, ba na mata da ƙauyawa ba. A kawo motar gobe, minti goma ne."

Na lura bai kai ga tambaya ta biyu ba. A lokacin na ɗauka girman kai ne ya hana shi. Daga baya na gane ko ya karanta ba shi da abin da zai ce.

Kawu ya ce ba za a kai mota ba sai an ba shi amsa. To amma direbansa, wani dattijo mutumin 'Yankuzo mai saurin yarda da manya, Alhaji ya kira shi a waya ya ce maigidansa ya amince, ya biyo da ita. Shi ya ba mu labarin abin da ya faru. Injiniyan da Alhaji yake taƙama da shi ashe surukinsa ne, mai shagon tura waƙoƙi a waya. Ya sauko da wani fayil daga intanet ya zuba a filashi, bai duba lambar allon ba, bai tambayi ƙasar da aka yi wa fayil ɗin ba, ya cusa. Ya buɗe makulli bai tayar da injin ba, wai kar a ƙona mai, fankar sanyi kuma tana ta hura su. Batirin dama ba ƙarfi gare shi ba. Ana tsakiyar aiki wuta ta ɗauke.

Da aka jona batiri aka tayar, allon ya tsaya a kan tambarin kamfani ya ƙi gaba. Rediyo ya tafi, kyamarar baya ta tafi. Alhaji ya leƙo ta taga ya ce wa direba, "Yana lodin ne. Ka je, kafin ka kai Tsafe ya gama."

Direba ya kai Tsafe ya dawo, ya sake komawa washegari, tambarin yana nan yana kallonsa.

A Tsafe ɗin wani ya nuna masa wani mai wayarin mota, mutumin Bilbis, da ya yi shekaru yana koyon aiki a Kaduna. Ranar Asabar direba ya ɗauke mu a motar muka tafi ni da Kawu, don yana so in rubuta duk abin da za a faɗa. Rumfar kwano ce kawai da benci da tsohuwar tayar da yake zama a kai, mutumin kuma ba mai yawan magana ba ne. Kawu ya miƙa masa kwafin wasiƙar. Ya karanta ta har ƙarshe, ya koma farko, sannan ya ɗauko wata na'ura ya jona a wani soket ƙarƙashin sitiyari.

Ya ce injin lafiya lau, don kwamfutarsa daban take da ta allo. Kulle ƙofa yana cikin motar, an kashe shi ne kawai. Ya danna wasu wurare a na'urar, ya ce direba ya ja. Ba mu yi nisa ba muka ji ƙofofin huɗu sun ce ƙarap a tare. Kawu ya ce, "Ikon Allah," ya sa aka tsaya aka sake.

"Na waya fa?" in ji Kawu.

"Wannan ka cire rai, Baba. Akwai wani ɗan akwati a cikin motar mai layin waya nasa, da kamfanin sadarwa na can aka ɗaura shi, kuma kamfanin motar bai buɗe wannan hidima a nan ba. Ko sau ɗari aka sabunta manhaja ba zai yi ba. Taswirar ma ta ƙasarsu ce, rediyon kuma a kan tsarin tashoshinsu aka saita shi. In kana son ganin motarka, a sa maka tiraka mai layin nan gida."

Allon kuwa ya ce tunda aikin ya katse a tsakiya, kuma ga alama fayil ɗin ma ba nasa ba ne, shi ba zai yi alkawarin tayar da shi ba. Sai dai a nemo wani mai lamba iri ɗaya a sauya.

Na rubuta duka. Amsar da Alhaji mai wayoyi uku ya kasa bayarwa a kwana goma, mutumin da ke zaune a kan tsohuwar taya ya ba da ita kafin a kira azahar.

Kawu bai je ya yi hayaniya ba. Shugaban direbobin tasharsu ya kai wa magana, shi kuma ya aika aka kira Alhaji. Ya zo a makare yana amsa waya, ko yana yi kamar yana amsawa. Ya fara da cewa shi bai taɓa ganin wata wasiƙa ba. Kawu ya zaro kwafinsa ya nuna layin da ya ja a gefe. Shugaban ya ce in karanta tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, Alhaji ya amsa.

"Wace manhaja ce a kan allon?"

"Ta zamani ce."

"Abin waya yana aiki a ƙasar nan?"

"Matsalar sabis ce. Kun san sabis ɗin Zamfara."

Wani direba daga baya ya ce, "To Alhaji, ina motar da ka taɓa sayarwa da abin yake aiki a cikinta? A kira mai ita mu ji." Alhaji ya duba wayoyinsa uku ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta cece shi. Da na kai tambayar ƙarshe, ta wanda zai ɗauki nauyi, sai ya ce ai surukinsa ne ya taɓa, ba shi ba. A gaban mutane ya sayar da mijin 'yarsa ko ƙifta ido bai yi ba.

Shugaban ya yanke cewa Alhaji zai nemo allo ya sauya, mutumin Bilbis ne zai ɗaura, kuma ya rubuta haka ya sa hannu. Ni na buga masa takardar, don da aka ba shi biro sai ya ce bai zo da tabarau ba. Allon ya iso bayan wata guda, na hannu ne, da tsaga a gefe, amma kyamara ta dawo, rediyo ya dawo da halinsa na tsallake. Kawu ya sa tiraka a motocinsa duka uku.

Bayan haka masu tasi suka fara zuwa shagona suna cewa in buga musu irin takardar Kawu, a bar wurin lambar shasi a buɗe, su kai wa dila kafin su sayi mota. Na buga wa mutum shida ko bakwai. Ɗayansu, wani mai hanyar Bungudu, ya dawo yana dariya. Ya ce da Alhaji ya hango takardar a hannunsa tun daga bakin ƙofa, sai ya ɗaga murya ya ce motocin filin duk an sayar, ya gwada gaba.