Miƙaƙƙen Layi Kafin Kwana

A gida Auta ake ce mata, a makaranta kuwa Kibiya, don ita ce mai karɓar sanda ta ƙarshe a tseren 'yan mata huɗu. Mahaifiyarta tela ce, keken ɗinkinta na bakin taga a ɗakin da suke kwana. Ita ta fi kowa sanin halin 'yarta.

"Auta ba ta faɗa," in ji Inna in tana ba baƙi labari. "Ajiya take yi. Ka taka ta yau, sai ta yi maka murmushi, baɗi ka ji a jikinka."

Yayanta shaida ne. Ya taɓa cinye mata rabonta tana ƙarama, ta bari sai ranar da abokansa suka cika ƙofar gida, ta fito da katifarsa mai fitsarin kwance ta shanya musu a gaba.

To, a wannan zangon aka taka ta da gaske. Ana ɗumama jiki da ƙwallon hannu, ta yi tsalle, 'Yar Gayu ta zuro ƙafa. 'Yar Gayu ita ce mai gudu ta uku, kuma ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan gurbin Kibiya. Kibiya ta dira a kan takalmin 'Yar Gayu, ƙafar hagu ta turguɗe, kafin a ɗaga ta idon sawun ya kumbura sumtum.

"Haba, targaɗe ne fa kawai," 'Yar Gayu ta ce tana gyara safa. "Sai ka ce an yanke ƙafar."

Da gangan ne ko tsautsayi, babu mai iya rantsuwa. Abin da Kibiya ta riƙe shi ne ko sannu ba ta samu ba.

Kawunta ya so a kai ta wurin mai ɗori a ja ƙafar. Inna ta ce ba da 'yarta ba, ta kai ta asibiti. Aka duba, babu karaya, jijiyar gefen waje ce ta yi rauni. Likitar gashin ƙashi ta naɗe ƙafar da bandeji, ta ce a riƙa ɗora ƙanƙara cikin tsumma, a ɗage ƙafar bisa matashi, sannan ta zayyana mata yadda ake komawa fili.

Da kumburin ya saɓe, Kibiya ta zauna a kan teburin yankan Inna, ta ture almakashi, ta rubuta wa malamin wasanni takarda. Malam Usur ake ce masa, a bayan idonsa.

"Malam, barka da aiki. Na yi targaɗe a idon sawun hagu ranar ƙwallon hannu. An duba, ƙashi lafiya lau. Ina roƙon a bar ni in dawo sannu-sannu kamar yadda likita ta tsara. Da fari tafiya har ɗingishi ya tafi, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da ɗage dunduniya. Sai sassarfa a miƙaƙƙen layi, sai gudu sosai a miƙe. Shan kwana, juyi da tsalle su ne ƙarshe. In ƙafar ta kumbura ko ta yi zafi washegari, zan koma matakin baya. Don Allah kada a cire sunana."

Inna ta leƙo ta karanta. "Ba ki sa wadda ta taka ki ba."

"Ba ta Malam ba ce, Inna. Tawa ce."

"Allah ya shirye ki."

Malam Usur ya karanta a bakin fili, usur ɗin a leɓe. Ya ɗago. "To, madalla. Yau ga ɗaliba da ba ta ce mini ta warke ba alhali tana tafiya kamar agwagwa. Na yarda. Amma gasar makarantu ba za ta jira ƙafarki ba. Kafin nan 'Yar Gayu ce a ƙarshe."

'Yar Gayu na bayansa, ta ga kalmar a takarda. Tun daga ranar sunan ya sauya.

"Hajiya Sannu-Sannu, an fito? A kawo kujera?"

Kibiya ta yi murmushi. Ta kama ƙarfen raga ta tsaya a ƙafa ɗaya kamar zalɓe, sauran suna wuce ta da gudu. A gida ma haka. Tana riƙe da bayan kujera tana ɗage dunduniya, Yaya yana cewa sun sami sabuwar mai rawa. Duk ɗagawa ɗaya, fuskar 'Yar Gayu take gani.

Haushin ne ya kusa kayar da ita. Wata rana da aka yi mata dariya ta zarce sassarfa, ta zagaye filin har da kwanarsa. Washegari takalmi ya ƙi shiga. Malam Usur ya dubi ƙafar, ya zaro takardar daga aljihu.

"Wa ya rubuta wannan? Ni ne? Koma tafiya."

Ta koma, tana jin 'Yar Gayu na tafa hannu da ƙawayenta. Daga nan ba ta sake tsallake mataki ba. Ta gane cewa in ƙafar ta sake lalacewa, kyauta ta yi wa maƙiyiya.

Gasa ta matso, Kibiya ta kai gudu sosai a miƙe, ba kumburi, ba zafi. Likita ta sa ta yi ɗan tsalle a ƙafa ɗaya, ta ce miƙaƙƙen layi babu laifi da bandeji, amma kwana tukuna. Ranar da za a tsayar da sunaye, 'Yar Gayu ta riga kowa magana.

"Malam, ai ba ta gama jerinta ba. Ita da kanta ta rubuta kwana ce ƙarshe. Wadda ba ta iya shan kwana ina ita ina tsere?"

"Gaskiya ne, Malam," in ji Kibiya a hankali. "Ban kai kwana ba. A huɗun nan, su wa ke shan kwana?"

Malam Usur ya cire usur daga baki. "Ta farko da ta uku." Ya dubi filin. "Ta biyu na da mai ita, ba na taɓa ta. Saura ta ƙarshe, ita kuwa miƙe take har layi. Kuma tun da aka ɗaga 'Yar Gayu daga ta uku ban sami mai shan kwana kamarta ba. Ku hau layi ku biyu, a miƙe. Wadda ta riga, nata ne."

Ya busa. Kibiya ba ta yi mata nisa ba, da ƙirji ta riga ta, amma ta riga.

"Shi ke nan. 'Yar Gayu, koma ta uku. Ku gwada miƙa sanda."

'Yar Gayu ta sha kwanar tana haki. Kibiya ta tashi tun kafin 'Yar Gayu ta taka alama, ta bar ta tana bin iska da sanda a hannu.

"Ke! Tsaya mana!"

Usur ya tsage. "Kibiya! In sanda ta faɗi ranar gasa, ku huɗu kuka faɗi. A sake!"

Aka sake. Wannan karon ta jira alama, ta miƙa hannun hagu baya, sanda ta zauna daram. Ta ƙare layin ta dawo tana tafiya, ta tarar da 'Yar Gayu dafe da gwiwoyi.

"Malam," in ji Kibiya, "miƙawar ba ta yi mini santsi ba. A ƙara mana ko sau uku ne."

Malam Usur ya dube ta, ya dubi bandejin. "Ke ƙafarki ta isa haka yau, tsaya a alama ki miƙa hannu kawai. 'Yar Gayu, koma farkon kwana."